YADDA NA MAYAR DA SHAFI BAKWAI SHAFI UKU

Jawabin da wani ɗan ajin 2006 ya gabatar a taron shekara na ƙungiyarmu a Tirkaniya, Kaduna



Da sakataren ƙungiya ya same ni a gida ya ce ana so in yi magana a kan neman tallafin karatu a ƙasashen waje, na ce masa wannan fage ne mai faɗi, kuma akwai waɗanda suka fi ni saninsa a cikinmu. Amma akwai lungu guda da na sani sosai, domin a nan na yi tuntuɓe har na yi asarar shekara ɗaya cur. Wannan lungu shi ne takardar tarihin karatu da aiki, wadda muka saba kira si-bi, da yadda ake sake tsara ta idan masu ba da tallafin sun ƙayyade jerin sassanta da yawan shafukanta. A kan wannan kawai zan tsaya.

ABIN DA YA SAME NI

Na gama digirin farko a fannin labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 2011, na yi bautar ƙasa, na kama aikin gwamnati a 2014, sannan na koma na yi digiri na biyu. A lokacin ina da burin koyarwa a jami'a, don haka na tsara takardar tarihina irin yadda ake so a can. Ta kai shafi bakwai, kuma ina alfahari da ita. Shafin farko gaba ɗayansa suna ne, da ranar haihuwa, da jiha, da ƙaramar hukuma, da addini, da aure, da yawan 'ya'ya, da magaji. Daga nan sai makarantu tun daga firamare, sai tarukan ƙara wa juna sani guda ashirin da uku, sai abubuwan sha'awa, sai mutum uku masu ba da shaida, kowanne da cikakken adireshinsa.

A 2022 na ga sanarwar wata hukuma ta Turai mai ba da tallafin bincike na wata goma. Bincikena a kan ambaliyar Kogin Kaduna ne, kuma ya dace da abin da suke nema. Umarninsu ya ce takardar tarihi ta bi tsarin Europass, kada ta wuce shafi uku, kuma a sa hannu da kwanan wata. Na karanta, amma ban ɗauke shi da nauyi ba. Ana saura kwana biyu a rufe, na tafi wani shagon buga takardu a Kakuri, muka ƙanƙance haruffa, muka matse gefen takarda, shafi bakwai ya koma biyar. Na ce a raina ai wanda ya ga yawan abin da na yi ba zai tsaya ƙirga shafi ba. Bayan mako shida saƙo ya zo cewa takarduna ba su cika sharuɗɗan tsari ba, don haka ba a miƙa su ga kwamitin tantancewa ba. Ma'ana, babu farfesa ko ɗaya da ya karanta abin da na kwana uku ina rubutawa game da bincikena.

Laifin nawa ne. Malaminmu na Turanci yana zaune a nan, kuma duk wanda ya ratsa ajinsa ya san maganarsa ta farko ranar jarrabawa ita ce a karanta umarni kafin a ɗauki alƙalami. Malam, na ji kunya, domin bayan shekara goma sha shida sai ga shi na faɗi a wannan darasi. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne hukumar ba ta karɓar wanda digirinsa na ƙarshe ya wuce shekara shida. Nawa na 2018 ne. Don haka 2023 ce damata ta ƙarshe.

DALILIN DA YA SA SUKE ƘAYYADEWA

Kafin in sake taɓa takardar, sai da na zauna na yi tunani irin na ma'aikacin ofis, tunda ni ma aikina ke nan. Idan aka jibge maka fayil masu yawa aka ce ka tace, abin da za ka fara yi shi ne ka ware waɗanda ba su cika ƙa'ida ba, domin wannan ba ya bukatar dogon nazari. Sauran kuma kana so ka riƙa ɗora su kusa da juna: aikin wannan ga aikin wancan, karatun wannan ga karatun wancan. Idan kowa ya zo da tsarinsa, sai ka yi ta lalube. Iyakar shafi kuwa adalci ce tsakanin masu nema, kuma gwaji ce ta ko mutum ya san abin da ya fi muhimmanci a rayuwarsa ta aiki.

Wannan ba al'adar hukuma ɗaya ba ce. A shekarun 2022 da 2023 da nake bibiyar sanarwa, hukumar DAAD ta Jamus tana neman takardar tarihi da ba ta wuce shafi uku ba a tallafinta na bincike, wasu shirye-shiryenta na digiri na biyu kuma suna neman tsarin Europass. Cibiyar Swedish Institute ta Suwidin tana da nata fom na musamman, shi ma iyakarsa shafi uku. Sharuɗɗan nan suna sauyawa, don haka umarnin shekarar da mutum yake nema shi ne abin bi, ko da wani abokinsa ya ci da wani tsari bara.

Shi Europass tsari ne da Tarayyar Turai ta fito da shi a 2005, aka sabunta shi a 2020. Jerin da aka san shi da shi, kuma wanda aka ce in bi, shi ne: bayanin mutum, sai ayyukan da ya yi, sai karatu da horo, sai harsuna da sauran ƙwarewa, sai ƙarin bayani kamar wallafe-wallafe. Ku lura da abu biyu da suka saɓa wa namu. Aiki yana zuwa kafin karatu, kuma a kowane sashe ana farawa da na baya-bayan nan a gangara zuwa na dā. Mu kuwa da firamare muke buɗewa.

KADA A DATSE TSOHUWA, A GINA SABUWA

Kuskurena na farko shi ne na buɗe tsohuwar takarda ina neman abin da zan yanke. Duk layin da na duba sai in ji ba zan iya rabuwa da shi ba, tunda kowanne da wahalarsa aka samo shi. A karo na biyu sai na adana tsohuwar yadda take, ban taɓa ta ba, ta zama rumbu. Na buɗe farar takarda, na rubuta kanun sassan nan biyar da jerinsu da kalmominsu kamar yadda suke a umarnin, ban sauya ko ɗaya ba. Inda suka ce `Work experience` haka na rubuta, inda suka ce `Education and training` haka na bari. Daga nan kowane abu sai ya nemi izinin shiga daga rumbu, kuma tambaya ɗaya nake yi masa: shin kana taimaka wa mai karatu ya yarda cewa zan iya wannan bincike?

Sai lissafin wuri. Takardar A4, da harafi mai girman 11 da gefe na santimita biyu da rabi, tana ɗaukar layi kusan hamsin. Shafi uku ke nan layi ɗari da hamsin. Na cire talatin saboda kanu da tazara da wurin sa hannu, saura ɗari da ashirin. Waɗannan na kasafta su kamar yadda muke kasafta albashi. Bayanin kai ya sami 8, aiki 45, karatu 25, harsuna da ƙwarewa 15, wallafe-wallafe 15, sauran ƙarin bayani 12. Aiki ya ɗauki kaso mafi tsoka ne saboda umarnin ya nuna suna son wanda zai dawo ya yi amfani da binciken a ofishinsa. Da malamin jami'a ne mai neman digiri na uku, da wallafe-wallafe ne za su ci wannan kaso. Amfanin kasafin shi ne gardama ta ƙare tun da wuri. Idan sashe ya cika, sabon abu ba zai shiga ba sai wani ya fita.

Shafin farko na tsohuwar takarda ya koma layi takwas: suna kamar yadda yake a fasfo, ranar haihuwa, ƙasa, adireshi, lambar waya da lambar ƙasa a gabanta, da imel. Jiha da ƙaramar hukuma suna da amfani a gida saboda rabon guraben aiki, amma ba su gaya wa Bature komai. Addini, aure, 'ya'ya da magaji duk na cire, tunda ba a tambaya ba. Firamare ta fita. Makarantarmu ta sakandare ta sami layi ɗaya, kuma ina roƙon malamai su yafe mini. Masu ba da shaida ma na cire su, domin wasiƙunsu suna tafiya daban, kuma sunayensu da adireshinsu kaɗai sun ci layi goma sha takwas a tsohuwar.

YADDA NA SAKE RUBUTA SASHEN AIKI

Nan ne aikin ya fi wuya, kuma nan ne ya fi riba. Da Turanci aka rubuta takardar, amma zan faɗa muku abin da ke ciki da Hausa. A tsohuwar, aikina ya fito sau uku, domin na jera kowane ƙarin girma daban, matakin albashi na 8, na 9, na 10, kuma a ƙarƙashin kowanne na kwafo jerin ayyukan da ke cikin tsarin aikin gwamnati, har da jimlar nan da muka sani ta duk wani aiki da shugaba ya ba ni. Wannan ya ci kusan shafi guda da rabi, alhali bai faɗi abu ɗaya da na yi da hannuna ba. Mutumin da ke zaune a Turai bai san bambancin mataki na 8 da na 10 ba.

A sabuwar na haɗe su wuri ɗaya. Layin farko ya ɗauki kwanan wata, daga Yuli 2014 zuwa yau, da sunan muƙamina na yanzu, da ma'aikata, da gari. Layi na biyu ya ce an ƙara mini girma sau biyu, da shekarun. Sai jimloli huɗu, kowacce ta fara da abin da na aikata. Na jagoranci ma'aikata shida muka zana taswirar wuraren da ruwa ke ci a unguwanni huɗu na bakin kogi. Na tattara bayanan gidaje ɗari uku da goma ta hanyar tambayoyi gida-gida. Na rubuta rahoton da aka yi amfani da shi wajen zaɓen magudanan da za a fara yashewa. Na horar da sababbin ma'aikata tara a kan zana taswira da kwamfuta. Layi goma sha huɗu suka ɗauke abin da shafi da rabi ya kasa faɗa. Kowace lamba da na sa, ina da takardar da ke tabbatar da ita, kuma shugabana ya ga jimlolin kafin ya rubuta wasiƙarsa, don kada bakinmu ya saɓa.

Tarukan nan ashirin da uku, uku kawai suka tsira, wato waɗanda na gabatar da maƙala a cikinsu. Wanda na je na zauna na karɓi jaka da satifiket bai shiga ba. Wallafe-wallafe kuwa na raba su da gaskiya: maƙaloli biyu da suka fito a mujalla, sai ɗaya da aka karɓa ba ta fito ba tukuna, na rubuta hakan a gabanta. Wadda nake kan rubutawa ban sa ta ba.

KWANAN WATA DA GIƁI

Takardarmu ta gida shekara kawai take ba da wa. Sabon tsarin yana son wata da shekara, kuma da zarar ka sa wata, sai ramuka su bayyana. Ni na sami biyu. Na farko tsakanin gama jarrabawa a 2011 da shiga sansanin bautar ƙasa a Maris 2012. Na biyu daga Maris 2013 zuwa Yuni 2014, lokacin da nake neman aiki ina koyarwa a wata makarantar kuɗi nan unguwarmu. Dā ina jin nauyin ambaton koyarwar, sai na bar wurin fayau. Amma wata goma sha shida babu bayani ya fi kowace ƙaramar sana'a muni a idon mai tantancewa. Na koma makarantar na karɓi takardar shaida, na sa aikin a layi uku. Giɓin farko kuma na ba shi layi ɗaya: jiran kiran bautar ƙasa, wadda wajibi ce ta shekara ɗaya ga masu digiri a Nijeriya. Ƙannenmu da yajin aikin malaman jami'a ya ritsa da su, na 2020 ko na wata takwas a 2022, su ma layi ɗaya ya ishe su bayyana abin da ya tsawaita karatunsu.

Akwai wani tarko da ya kusa cin ni. Na kare kundina na digiri na biyu a Disamba 2017, don haka a tsohuwar takarda 2017 na rubuta. Amma satifiket ɗin yana ɗauke da Maris 2018. Da na bar 2017 tsurarta, mai lissafin shekara shida zai iya cewa na wuce iyaka, ga kuma saɓani tsakanin takardata da shaidata. Tun daga nan na kafa doka: kowane kwanan wata daga satifiket ko takardar ɗaukar aiki zan kwafo shi, ba daga ƙwaƙwalwa ba. Haka ma suna. Idan fasfo ya rubuta Muhammad, satifiket ya rubuta Mohammed, a bi fasfo, a kuma tanadi takardar rantsuwa ta kotu tun da wuri.

Sakamakon jarrabawa ma yana son fassara. Na rubuta makina 3.86, na ƙara da cewa a cikin 5.00 ne. In ba haka ba wani zai auna shi da ma'aunin 4, a Jamus kuwa 1 ce ta fi kyau, 4 ce ta ƙarshen ci. A sashen harsuna, Hausa ta zauna a matsayin harshen uwa, Turanci kuma na auna shi da ma'auninsu mai hawa shida, daga A1 zuwa C2. Na zaɓi C1, domin abin da zan iya karewa ke nan idan aka kira ni ganawa.

BINCIKEN ƘARSHE

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan karon na gama saura mako uku, kuma duk da haka sai da takardar ta so ta ba ni kunya. A kwamfutar ofis shafi uku ce cif. Da na buɗe ta a shagon buga takardu, sai ga layi huɗu da wurin sa hannu sun zube a shafi na huɗu. Dalili shi ne kwamfutar shagon an saita ta a kan takardar `Letter` ta Amurka, wadda ta gaza A4 tsawo da milimita 18. Haka ma yakan faru idan kwamfutar ba ta da irin harafin da aka yi rubutun da shi. Maganinsa shi ne a duba girman takarda tun farko, a bar sararin layi huɗu ko biyar a ƙarshen shafi na uku, a mayar da takardar PDF, sannan a buɗe PDF ɗin a ƙirga shafukansa da ido. Bayan na buga na sa hannu na sake ɗaukar hotonta, na sake ƙirgawa, domin na'urar ɗaukar hoton takan ƙara farin shafi.

Daga nan na ba matata umarnin hukumar da takardar, na ce ta riƙa karanta sharaɗi ɗaya-ɗaya tana nuna mini inda na cika shi. Ita ce ta gano na manta kwanan wata a gefen sa hannu. Sai na ba wani abokin ajinmu da ba fannina yake ba, na ce ya duba na minti ɗaya ya faɗa mini abin da nake yi. Ya ce, kai mai zana taswirar ambaliya ne. Da ya ce mini ni mai yawan halartar taro ne, da na san akwai sauran aiki.

An kira ni ganawa a farkon 2024, kuma yawancin tambayoyin daga jimlolin nan huɗu na sashen aiki suka fito. Na tafi, na yi wata goma, na dawo bakin aikina. Ba zan ce takardar ce ta ci mini ba, domin bincike da wasiƙun shaida su ma sun yi nasu. Abin da ta yi shi ne ta kai ni gaban waɗanda za su karanta sauran.

KAMMALAWA

Ina da roƙo ɗaya ga shugabannin ƙungiya. A cikinmu akwai malaman jami'a da ma'aikata da suka saba da takardu. A ware mutum uku ko huɗu da ƙannenmu za su riƙa kawo wa takardar tarihinsu tare da umarnin hukumar da suke nema, aƙalla mako biyu kafin ranar rufewa. Wanda ya zo da takarda babu umarni a mayar da shi ya ɗauko, domin babu abin da za a auna ta da shi. Ni na sa sunana a farko, kuma yawancinku kun san gidanmu a nan Tirkaniya. Ranar Asabar da hantsi ana samuna.